Gyaran Sanarwar Ruwan Gishiri da Sukari

Minti ɗaya gidan rediyon ya ba asibitin ƙauyensu don sanarwar gudawar yara, kuma Aina'u ce ta nace sai ta karanta. Bara da damina ta kusa rasa 'yarta, ta kuma san matan ƙauye sun fi sauraron mace 'yar'uwarsu. Sharaɗin dai shi ne a aika muryar kafin la'asar, babu tuntuɓe. In ba haka ba, ma'aikacin gidan rediyon ya karanta.

Malam Kamaruddeen, jami'in asibitin da ya rubuta takardar, ya jingina waya da kwalbar magani don ɗaukar murya, ya rufe taga saboda kukan injin niƙa. Sau uku tana karantawa, sau uku yana girgiza kai.

"Malama Aina'u, harshenki ne bai saba ba. Mu bar musu kawai."

"Kunna mu ji tukuna, Malam."

Ta kifa takardar, ta saurara da kunne kawai. A na biyu ta buɗe ta, tana ɗiga fensir duk inda muryarta ta sarƙe. Da aka gama na uku sai ta ga ɗigon ya taru a wuri biyu rak: "tsabtataccen tafasasshen ruwa" da "a ci gaba da shasshayar da shi sannu-sannu".

"Ramukan nan biyu nake ta faɗawa. Kai ma taka mu gani."

Malam ya gyara murya, ya karanta da ƙarfinsa, ya ce lafiya lau ya wuce. Aka kunna. Sai ga shi a wayar yana "tsabtaccen, tsab…", ya koma baya.

Inna Kulu ungozoma, da ke ɓare gyaɗa a bakin ƙofa, ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, ka girka tuwon da kai ma ya ƙi wuce maka wuya."

"Inna, a takarda fa daidai yake."

"Takarda ba ta da harshe. Ke Aina'u, in Asama'u maƙwabciyarki ta leƙo ta katanga, me za ki ce mata?"

Aina'u ta gyara goyonta. "Ki dafa ruwa, ki bari ya huce. Ki juye ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari a lita ɗaya. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada ki daina ba shi nono."

Malam ya karɓi fensirin. Ya soke nasa, ya rubuta nata, ya dai dage sai an ƙara cewa in yaro ya ƙi sha ko ya galabaita a kawo shi asibiti. Ta yarda nan take.

Ɗauka ta huɗu ta tafi sumul, daƙiƙa hamsin da biyar. Suka saurara sau biyu, fensirin bai taɓa takarda ba. Malam ya tura kafin ladan ya kira salla.

Ranar kasuwar Ɗanbatta, Aina'u tana shanya gero ta ji muryarta daga rediyon gida uku a lokaci ɗaya. Kunya ta sa ta shige ɗaki, amma ta bar ƙofar a buɗe.