Abin da Mai Masauki Bai Faɗa Ba

Mai Feshi tana cikin wanke tankin maganinta a bayan shago, hannu duk kumfa, waya ta yi ƙara. Mutumin da ta yi wa feshin kuɗin cizo da safe ne, wani direban babbar mota da ke zaune a bene na biyu. Bai ko gaishe ta ba. Ya ce ɗansa yana asibiti, numfashi ya ƙi fita, likita ya ce a zo da robar maganin da aka fesa yanzu-yanzu.

Ta tuna masa cewa ai ta gaya masa kada kowa ya shiga ɗakunan sai yamma, bayan maganin ya bushe an buɗe tagogi iska ta ratsa. Ya ce ya sani, ya kuma gaya wa matarsa kafin ya fita aiki. Daga nan ya kashe waya.

Ta suri robar, ta ƙwalla wa ƙaninta kira. Auta shi ne mai kula da shafin sana'ar a intanet da amsa saƙonni, ita kuwa tanki da takunkumin fuska ne nata. Ya tayar da babur ta hau baya, ta rungume robar a ƙirji kamar wani zai fizge. Tana tafe tana bitar aikin safe a ranta: awon da ta yi, ruwan da ta zuba, katifun da ta jingine, ƙofar da ta ja. Ba ta ga inda ta kauce ba, rashin ganin nan kuma shi ya fi tsinka mata zuciya.

A ɗakin gaggawa wata nas ta karɓi robar ta wuce ciki da sauri. Kafin labule ya koma, Mai Feshi ta hango yaron. Bai fi shekara uku ba, an rufe masa hanci da baki da abin shaƙa, haƙarƙarinsa yana lotsawa yana tasowa kamar zugazugi. Ta koma ta zauna a benci.

Uwar yaron tana ƙarshen bencin, takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ko'ina ya faɗi oho. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da Mai Feshi ta fi samun sauƙi. A hankali take magana, idonta a labule. Ta ce ta dawo daga gidan yayarta da rana, yaro yana rigimar barci, gidan maƙwabta a kulle, rana kuma ta buɗe. Ta tuna gargaɗin mijinta, amma ta ɗauka irin tsantseninsa ne, shi da ko maganin sauro ba ya bari a kunna. Ta ce yaron yana da asma, saboda haka ma ta tsallake masu feshi da yawa ta zaɓi su Mai Feshi. Sai ta latsa wayarta ta miƙo.

Tallan shagon ne. Hoton ƙofar wani masaukin baƙi, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe wai mai masaukin ya ce feshi ɗaya tak kuɗin cizo ya tafi har abada, maganin ba ya taɓa ko jariri, a take suka mayar da baƙi ɗakunansu.

"Na ga mutum babba ya shaida," in ji matar. "Mai masauki guda. Na ce wanda ke kwantar da ɗaruruwan mutane ba zai faɗi abin da bai gani ba."

Mai Feshi ta san tallan. Ranar da Auta ya ɗora shi ya nuna mata, ta ce ya cika gishiri, ya yi dariya ya ce miya ba gishiri wa zai sha. A makon kira ya ninka, ita ma ta ja bakinta ta yi shiru. Yanzu ta juya ta dube shi. Yana jikin bango, makullin babur a hannunsa.

Ta ja shi waje, wajen da ake ajiye motoci. Ya fara cewa kowa haka yake rubutawa, ba wanda ke ɗaukar talla da gaske. Bai kai ƙarshe ba sai ya tambaye ta ko yaron zai mutu, ko kama su za a yi. Ta ce ba ta sani ba. Ta sa ya goge tallan a gabanta, amma dukansu sun san magana zarar bunu ce. An riga an tura hoton daga waya zuwa waya, ga shi ma a ta matar nan.

Sai wani tsoron ya taso mata. Ba gidan direban kaɗai ta fesa ba yau. Akwai gidan wata malamar makaranta mai tagwaye, inda ta gama da hantsi.

Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. A ranta tana ganin tagwayen kwance a katifar da ta fesa. A kira na gaba aka ɗauka, ga hayaniyar 'yan makaranta. Malamar ta ce suna tare da ita, sai an tashi za su koma. Mai Feshi ta maimaita mata komai dalla-dalla, ta ƙara da cewa idan ta ga wani tallansu mai cewa maganin ba ya taɓa yara, ƙarya ne, kada ta bi. Malamar ta ce ta gani kuwa. Daga nan Mai Feshi da Auta suka raba lambobin duk wanda aka yi wa aiki a kwanakin nan da wanda ke jiran layi, suna kira suna faɗin abu ɗaya. Wasu suka gode, wasu suka fasa aikin, wani ya zage su tas.

Rana ta yi sanyi kafin likita ya fito. Ya ce numfashin ya fara daidaita, amma za su riƙe yaron su ga kwanansa, don irin wannan yakan lafa ya sake tashi. Ya mayar wa Mai Feshi robarta, ya ɗora yatsa a kan gargaɗin da ke jiki. Ya ce da alama warin ne ya tayar da asmar, kuma babu maganin ƙwari da za a rantse ba ya taɓa kowa. Direban, wanda ya iso da kayan aiki a jikinsa, ya ce mata in wani abu ya sami ɗansa za su haɗu a gaban hukuma, hoton tallan yana wayarsa. Ba ta musa ba.

Washegari da safe ta nufi masaukin tare da Auta. Mai masaukin dattijo ne mai tabarau, ta same shi a bayan kanta yana jera makullai. Ashe labari ya riga ta. Wani baƙo ne ya nuna masa hoton, yana tambaya ko har yanzu akwai kuɗin cizo a gadajen.

"'Yata, na ba ki aiki, na yaba miki a saƙo tsakanina da ke," in ji shi. "Sai ki ɗauki ƙofata ki shelanta wa duniya ina da ƙwari, ki kuma cusa mini magana a baki? Yaushe na ce har abada? Ni da baƙi ke shigo mini da jakunkuna daga ko'ina?"

Ta ba shi haƙuri, ta gaya masa batun yaron. Ya cire tabarau ya ajiye. Da ya ji cewa uwar da shaidarsa ta dogara, sai ya nemi kujera ya zauna. Sannan ya tambayi ɗakin da aka kwantar da yaron.

Tana shirin tafiya ya tsayar da ita. Ya ce ƙaryar tana yawo da hoton ƙofarsa, gogewa kuma ba za ta kamo ta ba, gara a fitar da abin da ya faɗa da gaske. Suka kunna tsohon saƙon muryarsa suka saurara. Auta ya rubuta, dattijon yana gyara masa. Da Auta ya sa "an kawar da su", ya ce a'a, shi bai leƙa kowace ɓaraka ba, abin da ya sani shi ne baƙi sun daina ƙorafi. A ƙarshe abin da ya rage gajere ne: an yi feshi sau biyu, mako biyu tsakani, sun wanke zannuwa da ruwan zafi, sun rufe kowane ɗaki har ya bushe ya sha iska, kuma wata biyu ke nan babu baƙon da ya kawo ƙorafin cizo. Aka sa watan da aka yi aikin. Ya hana a sa hoto ko sunan masaukin, amma ya yarda duk mai son tabbatarwa a ba shi lambarsa, bayan an sanar da shi. A ƙasa Mai Feshi ta sa aka ƙara nata: wannan sakamakon wuri ɗaya ne, wani gidan yakan buƙaci fiye da haka, mai yara ko mai ciwon numfashi ya faɗa kafin a fara, kuma tallan baya ba maganar mai masaukin ba ce. Aka karanta masa daga farko, ya ce yanzu ya ji muryarsa.

Auta ya dubi rubutun ya ce wannan ai ba zai kawo ko kyankyaso ba, balle mai gida. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai sa rai ba.

Da azahar suka koma asibiti, dattijon yana biye da su. Tun daga baranda Mai Feshi ta hango gadon jiya babu kowa, an cire zanin. Ta tsaya tana kallon gadon, har nas ɗin jiya ta zo wucewa ta ce an mayar da shi ɗakin yara. Can suka same shi zaune, yana ƙoƙarin cire ledar da aka manna masa a hannu, uwarsa tana hana shi. Dattijon ya gabatar da kansa, ya ce shi ne mai masaukin. Matar ta dube shi sama da ƙasa, ta matsa masa kujera. Mai Feshi kuwa ba a ce ta zauna ba.

An sallami yaron kashegari. Direban bai kai ƙara ba, bai kuma sake ɗaukar wayarta ba, ko da ta kira don feshi na biyu da ya rage musu. Kira ya ja baya sosai a watan. Waɗanda suka zo sukan fara da tambayar ko da gaske sai sau biyu, mutum biyu ma sun kira dattijon kafin su ba da aiki. Ita kuma ta daina barin saƙo a bakin miji ko mai gadi. Sai ta ga duk babban da ke kwana a gidan, ko ta ji muryarsa a waya, ta tambayi ko akwai mai asma, sannan take buɗe tanki. Har yanzu in waya ta yi ƙara da rana bayan ta gama wani gida, takan goge hannu ta daɗe tana kallon lambar kafin ta ɗauka.