Jan Waken Folashade

Shekara ashirin Folashade tana auna wake a kasuwar Azare, ba a taɓa cewa kayanta sun cuci kowa ba sai ranar Talatar nan. Tana cikin jera kwanuka Hajiya Larai mai abincin tasha ta iso, ta sanar da layin masu hatsi kaf cewa jan waken nan mai manyan ido da ta saya a wurinta shekaranjiya an zuba masa maganin ƙwari. Direbobi bakwai suka ci jiya da rana, kafin la'asar duk suna amai suna riƙe da ciki. Kafin azahar layin ya gama yanke hukunci, har masu sayen gero suka fara kauce wa rumfar Folashade.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ita da suna take ciniki. Ta kulle rumfa ta tafi asibitin da aka kai direbobin. Ta tarar an sallame su tun jiya, ɗaya ma ya yi lodin fasinja zuwa Itas. Nas Ya Gana ta tambayi yadda aka dafa waken, wannan kuwa duk tasha ta sani. Larai ba ta jiƙa wake, ba ta ƙona itace a banza. Tun asuba take ɗora tukunya a kan garwashi, ta bar ta tana ɗumi har waken ya yi laushi don kansa.

Ya Gana ta ce ai ga maganin ƙwarin nan. Jan wake yana da wani sinadari, lektin, mai manne wa bangon hanji ya tayar da shi, ƙwaya biyar ma ta isa. Ɗumi ba ya kashe shi. Sai an jiƙa waken awa biyar, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai a sabon ruwa kamar rabin awa.

Folashade ta san bayani ba ya wanke mutum a kasuwa. Washegari ta ɗebo daga buhun nan a gaban jama'a, ta jiƙa, ta hura wuta a ƙofar rumfar Larai. Tukunya ta yi ta tafarfasa, Larai tana kallon itacen da ke ƙonewa kamar nata ne. Da ya nuna, Folashade ta zuba manja, ta cinye kwano guda, ta zauna a benci. Direbobi suka kewaye ta suna duba agogo. Awa uku suka wuce, ko gyatsa ba ta yi ba.

Larai ta dubi Folashade, ta ce, "Maman Ayomide, ashe wutata ce."

"Ita ce, Hajiya."

Larai ta wanke hannu, ta jawo sauran waken gabanta. Ta juyo da bencin yadda duk tasha za ta gan ta, ta fara ci.