Hatimi Talatin a Katin Dabo

Katin sayayyar kanti yana aljihun Nasidi tun ranar sadakar bakwai ta yayansa Dabo. Zulai, matar marigayin, ita ta miƙo masa ta bayan labule, ta ce, "Ya cika tun yana da rai. In ka sami sarari ka karɓo mini kaskon." Kaskon da take suyar makala da shi, wato fanken da mutanen Bangui ke karyawa da shi, ya huje a girkin zaman makoki. Ita kuma tana takaba, ba ta fita, ga 'ya'ya uku.

Nasidi shi ne marubucin kantin Baffa da ke Titin Koudoukou, a unguwar Kilomita Biyar. Sai da ya yi furfura a gemu ya shiga makarantar yamma ya koyi Faransanci, ya haɗa da ajamin da ya taso da shi. Tun rasuwar Dabo yana zuwa aiki yana komawa, ana yi masa gaisuwa yana amsawa, abinci ma yana ci. Sai dai komai yana zuwar masa ne kamar maganar da ake yi a ɗakin maƙwabta.

Tsarin katin kowa ya san shi a baki. Ka yi sayayyar dala arba'in, a buga maka hatimi ɗaya. Hatimi talatin, kaskon ƙarfe kyauta. Haka mai shela ya zaga da shi unguwannin Miskine da Kokoro, da Hausa da Sango, yaren gari. Abin da mai shela bai faɗa ba yana bayan katin, da ƙananan haruffan Faransanci, wanda wani akawun kamfanin sari ya tsara wa Baffa bara: katin na mai sunan ne shi kaɗai, yana mutuwa bayan wata shida, kyauta kuma sai in akwai saura a sito. Nasidi ya karanta bayan katin Dabo sau ɗaya. Mai sunan yana kushewa, wata shidan sun cika ana zaman makoki. Ya mayar da shi aljihu bai ce wa kowa komai ba.

Iyatu ce ta tayar da maganar. Mai tuwon sayarwa ce a bakin tasha, muryarta tana kai wa tsallaken titi. Ta zo da katinta cike, Baffa ya juya shi ya ce ya mutu.

"Ya mutu? Ciwon me ya yi?"

"Ga shi a rubuce, Iyatu."

"A rubuce da yaren wa? Ni Madam ce? Baffa, ka dubi Allah. Kana buga mini hatimi kana murmushi, ashe gawa kake yi wa ado!"

Matan da ke jiran awon gishiri suka kwashe da dariya, ta maimaita musu da Sango don waɗanda ba su ji ba. Kafin Juma'a rabinsu sun koma kantin Mahaman a gaban kasuwa. Shi ba ya ba da kati, amma yakan jefa ƙullin gishiri a kwando.

Ranar Asabar da hantsi aka tsuge da ruwa, ciniki ya tsaya. Baffa ya jawo buhun shinkafa ya zauna kusa da teburin Nasidi.

"Malam Nasidi, a sake rubuta abin nan. Yadda ko Iyatu za ta gane, ta rasa abin zagi. Amma kada ka rubuta shi yadda zai kore su. A ji daɗinsa a kunne."

Nasidi ya ɗauko farar takarda. Ya ce sharuɗɗan su dawo gaban kati, da ajami da Faransanci, haruffa girmansu ɗaya da na kyautar, mai shela kuma ya faɗe su duka da Sango, kada ya tsaya a kasko. Baffa ya ɗan ɓata fuska, ya ce to.

Suka fara da na suna. Nasidi ya ce yawancin masu sayen fulawa da mai mata ne a cikin gida, maza ko maƙwabta suke aikowa. Kati na mutum ɗaya bai dace da unguwar ba.

"In na ce kowa ya kawo, adashi za su yi mini da shi," in ji Baffa. "Mata goma su haɗa hatiminsu, kowane mako a ɗauke kasko."

"A ce na gida ne. Ba a haɗa kati biyu."

Baffa ya gyaɗa kai. Nasidi ya rubuta: Katin na gidanku ne. Duk wanda kuka aiko da shi za a sallame shi. Ba a haɗa kati da kati. Ya karanta a bayyane, ya soke "za a sallame shi" don kada a ɗauka kora ce, ya sa "za mu karɓa".

Na sito bai ba su wuya ba. Maimakon "in akwai saura", Nasidi ya rubuta cewa in kasko ya ƙare, mai kati ya jira jirgin ruwa na gaba daga Brazzaville, ko ya ɗauki kayan da suka kai kuɗinsa nan take. Baffa ya ce wannan ma talla ce.

Sai na wata shida. Nasidi ya ce a cire.

Baffa ya yi 'yar dariya. "Ka san me ke biyan kaskon nan? Katunan da suka mutu. Cikin mutum goma da na buga wa hatimi, biyu ke kai wa ƙarshe a kan lokaci. Ribar sauran takwas ɗin ce take sayen kaskon biyun. In kati ba ya mutuwa, kowa zai kai, ko da rarrafe. A hatimi talatin, faɗuwa zan yi."

"A nawa ba za ka faɗi ba?"

Baffa ya dubi rufin kwano yana motsa leɓe. "Arba'in."

"Arba'in da nisa. Za su ce an ƙara musu tafiya."

"To ka san yadda za ka faɗa."

"Ba faɗar ba ce, Baffa. A sa wani abu a hanya. Hatimi ashirin, faranti mai fure. Wanda ya so ya karɓa, katinsa ya ƙare, wanda ya so ya wuce zuwa kasko."

Baffa ya buga cinya. Farantan nan sun shekara a sito, kuma duk wanda ya tsaya a ashirin ya rage masa kasko ɗaya. Nasidi ya rubuta, ya sa layin da ya fi daɗi a sama da manyan baƙaƙe: Hatiminka ba ya mutuwa. Ƙarƙashinsa faranti, ƙarƙashinsa kasko da arba'in ɗinsa a fili.

Ruwa yana ta dukan kwano. Nasidi ya ajiye alƙalami, ya ce, "Saura tsofaffin katuna. Waɗanda suka cika talatin suka mutu."

Baffa ya dubi aljihun rigar Nasidi, inda kusurwar katin ta leƙo. Shi ya buga hatimin ƙarshe da hannunsa, ya san na wane ne.

"Allah ya jiƙan Dabo," ya ce a hankali. "Kasko huɗu gare ni a sito. Masu irin wannan katin sun fi ashirin, Iyatu a gaba. In na ba ɗaya a ɓoye, gobe duk Kilomita Biyar ta ji, kuma abin da muka zauna gyarawa ke nan. In na ba kowa, na rufe kanti. Ka rubuta abin da zan iya tsayawa a kai a gaban kowa."

Nasidi ya jira ya ji ko wani abu zai taso masa a ƙirji, fushi ko kunya. Babu abin da ya taso. Ya ga dai cewa zai iya rubuta "za a duba tsofaffin katuna", Baffa ba zai hana ba, kowa ya ci gaba da sa rai. Irin wannan layin ne ya kawo Iyatu bakin kanti tana ihu. Ya tsoma alƙalami ya rubuta: Tsohon kati, ko ya mutu, kawo shi. Za mu mayar da hatiminsa duka a sabo. Kasko sai ya kai arba'in.

"Kafin a kai maɗaba'a," in ji Baffa, "karanta wa wadda ba ta yi boko ba. Sau ɗaya tak, kada ka yi bayani. In ta gane, ya yi."

Da la'asar ruwa ya ɗauke. Nasidi ya bi ta Kokoro yana tsallake kwatoci, ya yi sallama a gidan yayansa, ya zauna a kan turmin da aka kife a ƙofar ɗaki. Da can in ya shigo Zulai takan tare shi da tsiya, ta ce ga malamin da ya shiga aji da jikokinsa. Yanzu gaisuwa kawai suka yi, labule a tsakaninsu.

"Yaya Zulai, an sake sharuɗɗan katin kanti. Zan karanta miki, ki faɗa mini abin da kika ji."

Ya karanta daga sama har ƙasa, da murya ɗaya, bai tsaya ba. Kaza tana tonon ƙasa kusa da hujajjen kaskon da aka jingine a bango.

"Na ji," in ji ta. "Na yayanka bai mutu ba. Ko wa na aika za a karɓa. Faranti yau in ina so." Sai ta ƙara da cewa, "Ke nan babu kasko. Saura goma."

"Haka ne."

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

"To ya fito sarai."

Ya zauna yana kallon takardar. Ba kalmar da za a gyara.

"Me zan yi da faranti, ba abin zubawa?" ta ce. "Bar katin ya ci gaba. Iyatu ta ce in ta gama girkin rana za ta riƙa aiko mini da nata kaskon zuwa magariba. Makalar yamma ba ta ciniki kamar ta safe, amma dai." Hannunta ya fito ta gefen labule da ƙullin kuɗi a tsumma. "Fulawa da mai, na dala arba'in. A buga."

Ya karɓa.

"Sabon katin, sunan wa za a sa?"

"Na gida ne yanzu. Yadda kika ce."

"Sa nasa."

Ranar Litinin ya kai takardar maɗaba'a, da katunan suka fito mai shela ya zaga da sabon zance, matan suka fara dawowa da tsofaffin katunansu a ƙulle a bakin zane. Iyatu ta sa aka karanta mata sau biyu, ta ce arba'in zalunci ne, ta karɓi sabon kati. Da layi ya ragu Nasidi ya ɗauki guda ya rubuta Gidan Dabo a sama. Ya buga hatimi talatin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara na fulawar, ya hura tawadar ta bushe. Sannan ya sa shi a aljihu ya kira mai bi.