Hannun Tamar a Gefen Hoto

Duk unguwar Takau, in ana maganar riƙe waya a ɗauki kaya su fito ras, Emilia ake fara ambata. Gwanjo take sayarwa, kuma rabin cinikinta a sitatus na WhatsApp da TikTok yake. Za ta rataye riga a ƙofa, ta tsayar da waya, ta bi rigar daga wuya zuwa gindi, kafin yamma an saye. Hannunta ya saba da tsayuwar waya har ba ta sanin lokacin da take ɗaga ta.

Wannan hannun ne Dakta Mildred, likitar yara a wani asibiti a Jos, ta kushe.

Tamar, 'yar Emilia ɗaya tilo, tana fama da farfaɗiya tun damina. Ana ba ta magani, ciwon bai fasa zuwa ba. Yarinyar ta rame, ta daina zuwa makaranta, littattafanta na cikin jaka a bayan ƙofa. An yi gwajin kai, bai nuna komai ba, don ciwon ba ya zuwa a gaban likita. Sai Dakta ta ce a ɗauko mata shi a bidiyo. Emilia ta ɗauko, ta kawo.

Da aka saka shi a kwamfutar ofis, sai ga wani siririn hoto a tsakiya, hagu da dama baƙi ƙirin. Fuska, silin, ƙafar kujera, fuska kuma, ga kururuwar Emilia ta rufe komai.

"Maman Tamar, ban ga yarinya ba," in ji Dakta. "Kin tsayar da waya, ita kuma tana kwance. A sitatus tsaye ne daidai, don mai kallo a tsaye yake riƙe da wayarsa, rigar ma a tsaye take. Ni a wannan allon nake kallo, mai faɗi ne. Ki kwantar da wayar tun kafin ki danna. Ina son kai da ƙafa da hannu biyu a hoto ɗaya, daga farko. Inda ciwon ke farawa shi zai gaya mini maganin da ya dace."

"Dakta, jikina ne yana rawa."

"Na sani. Babanta ya kula da ita, ya juya ta gefe, kar a danne ta, kar a sa mata komai a baki. Ke aikinki waya. In ya wuce minti biyar, ku ajiye komai ku kai ta asibiti mafi kusa."

Emilia ta ji kunya, don ba sabon karatu ba ne. Ta taɓa ɗaukar waƙar zumuntar mata a tsaye, aka ɗora a shafin YouTube na coci, masu kaɗa tulu na gefe duk ba su fito ba, matan suka yi wata guda suna yi mata tsiya. Waccan dariya aka yi. Wannan kuwa, a mota tun daga Jos har suka gangaro Manchok maganar Dakta take juyawa a ranta.

Ta dawo ta shiga horar da hannunta. Ta goge bidiyon riguna don a sami wuri a wayar. Mijinta Silvanus, mai walda ne a bakin hanyar Kagoro, shi ta mayar abin gwaji. Da ya dawo aiki sai ta ce ya miƙe a tabarma, ƙato da shi, ita kuma ta kwantar da waya, ta riƙe da hannu biyu, ta manna gwiwoyin hannu a haƙarƙari, ta ja da baya har ƙafarsa ta shigo. Ta gano cewa in ta jawo hoto da yatsa, rawar hannu ninkuwa take yi, gara ta matsa da ƙafarta. Ta gano cewa in taga na bayan mai kwanciya, baƙi yake fitowa, sai ta sauya wa tabarmar wuri, hasken ya zo daga bayanta.

"Kin gama da ni, ko in yi barci?" Silvanus kan tambaya.

Shi yana dariya, ita ba ta yi. Tsoronta ɗaya ne: ranar da abin zai zo, za ta iya tsayawa nesa da 'yarta?

Ya zo ranar Lahadi, bayan sun dawo sujada. Emilia na kwashe tuwo a kicin, Silvanus na cire takalmi. Tamar ta tsaya a ƙofa, hannu dafe da ciki.

"Mama, abin yana hawa."

Haka take faɗa kullum, kuma daga nan ba a daɗewa. Silvanus ya ɗauke ta ya shimfiɗa a tabarma, ya ture tebur da ƙafa, ya koma ta wajen kanta ya durƙusa. Emilia ta fizgo waya daga caji. Hannunta da miya, ta goge a zani. Ta buɗe kyamara, ta ɗaga, babban yatsanta har ya kai kan jan maɓallin.

A tsaye wayar take. Hannun ya yi abin da ya saba.

Ta san in ta danna a haka ta juya daga baya, hoton zai tafi a karkace, kuma farkon, wanda shi ake nema, zai fito da rabin yarinya. Ta juya ta, ta jira ƙiftawar ido har alamomin allon suka juyo, sannan ta danna. Ta ja da baya. Ƙafar Tamar ba ta shigo ba. Ta ƙara ja, bayanta ya taɓa bango, ta zame ta zauna a kan dugaduganta, wayar ta sauko kusa da tsayin tabarmar. Kai ya shigo, ƙafa ta shigo. Ta matse gwiwoyin hannu a jiki.

Tamar na kallonta. Sai hannun daman yarinyar ya tashi daga tabarma, a hankali, ya miƙe ya nufo inda uwar take, yatsun a buɗe.

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Emilia. Haka Tamar ke miƙo hannu in za su tsallaka titi a kasuwa. Duk jikinta ya ce ta jefar da wayar ta kama hannun nan. Ta cije leɓe, ta ja numfashi ta hanci, ta sake shi sannu sannu kamar yadda ta koya, don kafaɗa kar ta motsa.

"Kira sunanta," ta ce wa Silvanus. Dakta ta ce a yi hakan.

"Tamar. Tamar, kina ji na?"

Babu amsa. Kan yarinyar ya karkata, jikin ya sandare, sai fizgar ta kama ko'ina. Silvanus ya tura ɗankwali a ƙarƙashin kanta.

Ana haka labule ya ɗaga. Paulina ce, maƙwabciyarsu, wadda ba a yin abu a layin ba da ita ba, ta ji jan tebur ta shigo ko sallama babu.

"Yesu! Maman Tamar, yarinya yana mutuwa kina ɗaukan bidiyo? Wane irin uwa ne ke? Kawo cokali!"

"Anti, bari," in ji Silvanus. "Likita ne ya ce."

"Wane likita? Sitatus Maman Tamar zai sa, na san shi."

Ta kamo Emilia a dantse ta ja. Hoton ya yi tsalle, silin ya leƙo. Emilia ba ta juya ba, ba ta da hannun da za ta ture ta. Ta danna kafaɗa a bango, ta mayar da nauyinta ƙasa, ta dawo da Tamar tsakiyar allo.

"Anti Paulina," ta ce ba tare da ta ɗauke ido ba, "in kin sake taɓa ni, ba ni ba ke har abada."

Ba a taɓa jin Emilia da irin wannan murya ba. Paulina ta sake ta.

Lambobin da ke saman allo suna ta ƙaruwa, Emilia na kallonsu da gefen ido. Hannuwanta suka fara zafi, hawaye ya cika mata ido har ba ta ganin hoton sosai, kuma ba halin sharewa. Kafin a kai inda Dakta ta ce a ruga asibiti, fizgar ta fara raguwa, ta ragu, ta tsaya. Silvanus ya juya yarinyar gefe, ya share mata baki. Numfashi ya dawo da ƙarfi. Emilia ta ƙara riƙewa kaɗan, don an ce a ɗauki farfaɗowar ma, sannan ta danna. Ta rarrafa ta kama hannun nan na dama. Ya saki, babu ƙarfi, bai riƙe ta ba.

Ba ta kalli bidiyon ba. Kwanakin da suka biyo baya ta yi su da ciwon rai. Maganar Paulina ta zaga layi, amma ba ita ke cin ta ba. Duk lokacin da ta rufe ido, hannun take gani. 'Yarta ta neme ta a lokacin tsoro, ita kuma ta zauna a jikin bango tana gyara hoto.

Ranar asibiti, Dakta Mildred ta saka bidiyon. Ya cika allon daga gefe zuwa gefe, ga Tamar ɗungurungum. Emilia ta sunkuyar da kai. Dakta ta kalla har ƙarshe, ta mayar farko, ta tsayar.

"Maman Tamar, ɗago ki ga."

Ta ɗago. Can a gefen allon, wurin da da baƙi ne zai kasance, hannun ne a miƙe.

"Ni take kira, Dakta," Emilia ta ce, maganar ta fito da kuka. "Ta miƙo mini hannu, ban je ba."

Dakta ta sake mayar da shi, ta tafiyar da shi a hankali.

"Duba gwiwar hannun, ta ƙage. Duba yatsun. Na hagu yana kwance, ƙafafu ba su motsa ba tukuna. Ba ita ta ɗaga shi ba, ciwon ne. Daga nan yake farawa, sannan ya bi sauran jiki. Abin da nake nema ke nan tun farko, kuma da kin kama hannun, da ban gani ba." Ta jawo takarda. "Za mu sauya magani, mu sake gwaji ta wannan gefen. Ban yi miki alkawarin gobe ba, amma yanzu na san da wa nake faɗa."

Emilia ta juya wajen Tamar, wadda ke kan cinyar babanta tana wasa da maɓallin rigarsa.

"Tamar, ran nan a tabarma, kin miƙo mini hannu?"

Yarinyar ta yi tunani, ta girgiza kai.

"Ban sani ba. Na tashi ne kawai na ga kin riƙe ni."

Emilia ta miƙa hannu za ta karɓi takardar maganin, takardar ta ƙi tsayawa a yatsunta. Silvanus ne ya karɓa.