Gida Goma

Talatin da ɗayan nan ya fi sauran lambobin kauri. Abin da na fara gani ke nan da Shugaba ya miƙo mini wayarsa, gilashinta a tsage, da alamar yatsa mai maiƙo a gefe. Wata uku kacal na yi a wannan ƙaramin asibiti, kuma aikina shigar da lambobi ne a kwamfuta.

Kwamfutar ma ta mutu tun shekaranjiya, da aka kawo wuta da ƙarfi. Littafin rajistar marasa lafiya kuwa an ɗauke shi zuwa hedikwata don bincike, sai bayan mako biyu. Abin da ya rage mana na watan jiya shi ne hoton allon kwamfuta da Shugaba ya ɗauka ya tura wa ma'aikata: da'ira ce da aka yanka gida biyar, kowane yanki da launinsa da kasonsa. Zazzaɓi 38. Masu ciki da masu jego 31. Tari da mura 17. Gudawa 12. Sauran cututtuka 9. A ƙasa an rubuta: jimilla 640.

"Ƙungiya na son fom ɗinsu kafin ƙarfe huɗu," in ji Shugaba, yana fifita da katin wani marar lafiya. "Kuma adadin mutane suke so, ba kaso kaɗai ba. Ke da kika yi jami'a, ciro mana su daga nan."

Kowa ya san abin da ke rataye da fom ɗin. Ƙungiyar da ke tallafa mana ita ta ɗauki Inna ungozoma, kuma sharaɗinsu a rubuce yake: idan aikin masu ciki da masu jego bai kai kashi talatin cikin ɗari ba a watan ƙarshe na kwantiragi, za a rufe ɗakinta, a riƙa tura mata babban asibiti. Watan jiya ne watan ƙarshe. Shekarar Inna tara a ɗakin nan.

Na tura hoton zuwa wayata, na zauna a teburin da ke kusa da taga. Fanka tana juyawa kamar ba ta so.

Aikin ba wuya. Kashi ɗaya cikin ɗari na 640 shi ne mutum shida da ɗigo huɗu. Zazzaɓi ya ba ni 243, tari da mura 109, gudawa 77, sauran cututtuka 58. Na san ba ainihin lambobin ba ne, domin kwamfuta ta riga ta daddatse kason: 38 ɗin nan yana iya zama 37.6 ko 38.4. Kowace lamba tana iya hawa ko sauka da mutum uku. Masu ciki, a kan 31, suka ba ni 198.

Da na haɗa su sai na samu 685. Na sake haɗawa. Sannan na koma kan kason: 38, 31, 17, 12, 9. Ɗari da bakwai.

Mai ba da magani ya leƙo ta tagar ɗakinsa. "'Yar lissafi, ya na ga kin yi tsuru? Ko mun yi wa aljanu magani ne ba mu sani ba?"

"Kason ne ya zarce ɗari," na ce a hankali.

"To ai mun ƙoƙarta ke nan. Wasu asibitocin ko ɗarin ba sa kaiwa."

Na yi murmushi don kada ya ji kunya. Datse lambobi yana iya sa jimilla ta zama 99 ko 101. Da yanki biyar, ko da duk sun karkata gefe guda, ba za ta wuce 102 ba. Bakwai kuwa daga wani wuri ta shigo.

Na buɗe hoton sosai na dubi yankin masu ciki, mai ruwan hoda. Kashi 31 ya kamata ya ɗara kwatan da'ira, ya buɗe fiye da kusurwar takarda. Na yago gefen takarda na ɗora tsininta a tsakiyar da'irar. Takardar ta rufe yankin ruf, har da ɗan saura.

A aljihun tebur akwai akwatin kayan lissafi da 'yar Shugaba ta manta tun hutun da ya wuce. Na fara auna da'irar da rula, tsaye da kwance, don in tabbatar hoton bai miƙe ba. Daidai suke. Sai na ɗora ma'aunin kusurwa a kan wayar. Zazzaɓi wajen digiri 137, wato kashi 38 na 360, ya yi daidai da lambarsa. Sauran ukun ma sun yi. Mai ruwan hoda digiri 86. Kashi 24 ke nan. Idan kuma aka cire sauran huɗun, 76, daga ɗari, 24 ɗin dai ya rage. Mata 154, ko sama ko ƙasa da uku. Da na sa shi a jerin, jimilla ta zama 641, ɗayan nan na datsewa ne.

Na daɗe ina kallon takardar kafin na tashi.

Shugaba yana shan ruwan leda a ofishinsa, ya cire takalmi. Na ajiye takardar a gabansa.

"Ranka ya daɗe, yankin masu ciki 24 ne a zane. An rubuta 31 a kansa."

Bai dubi takardar ba. "Ni na rubuta."

"To."

"Kada ki yi mini wannan 'to' ɗin. Ba ƙarya na yi ba. Kira mini Inna."

Inna ta shigo tana goge hannu da tawul, safa a ƙafarta cikin silifas, saboda ciwon diddige. Ta ja kujerar roba ta zauna da nishi.

"Ɗiyata, me ya faru? Fuskarki kamar an aiko ki da mugun labari."

"Nuna mata littafinki," in ji Shugaba.

Ta ciro shi daga aljihun rigar aiki, littafin 'yan makaranta ne, bangonsa ya yi laushi don gumi. A ciki take rubuta matan da take bi gida: wadda ta haihu ba ta iya fitowa, wadda cibiyar jaririnta ke ruwa, wadda mijinta ya yi tafiya da babur ɗin. Kwanan wata, lambar kati, abin da ta yi. Ba a sa su a rajista, domin rajista ta wanda ya tako ƙofa ce. Na watan jiya arba'in da biyar ne.

"Kin gani?" Shugaba ya buga tebur da yatsa. "Na ɗauki na rajista na ƙara arba'in da biyar, ya zama 199. Na raba da 640, ya ba ni 31. Ƙungiya ta yarda a ƙirga ziyarar gida, yana cikin takardarsu. Ina laifin?"

"Babu laifi a ƙirga su. Sai dai in an ƙara su a sama, dole a ƙara su a ƙasa. Su ma mutanen da muka duba ne. Jimillar ta koma 685."

"Sai me?"

"199 cikin 685. Kashi 29 ne."

Fankar ta tsaya. An ɗauke wuta.

"Ba kin ce lambobin suna hawa su sauka ba?" in ji shi. "Hau da su."

"Na gwada. Ko na ba ta mafi yawan da zanen zai iya ɗauka, 156, kashi 29 da ɗigo uku ne."

"To ki rubuta 198 ɗinki, ki bar jimilla 640. Wa zai zauna yana haɗawa?"

"Fom ɗin da kansa yake haɗawa, ranka ya daɗe. Zai nuna ja."

"Ki rage daga zazzaɓi."

"Rajista za ta dawo."

Mai ba da magani, wanda ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya ce, "Kuma in an rage zazzaɓi, a rage mini maganin zazzaɓi. Ni dai ku bar ni da nawa." Ya yi dariya, babu wanda ya taya shi, ya koma.

Shugaba ya murza idanunsa da tafin hannu. Na ga furfurar da ke bayan kunnensa. "Shekara ashirin ina cika fom," ya ce, ba da kowa ba. "Ba a taɓa zuwa mini da rula ba."

Inna ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, ni ban san kaso ba. Faɗa mini da Hausa. Gida nawa ya rage?"

Na riga na lissafa, tun da 29 ɗin ta fito nake tsoron tambayar. "Kamar goma, Inna. Da ziyarar ta kai hamsin da biyar, da an kai talatin."

"Goma," ta ce. Ta ɗan yi dariya ta hanci. "Ai na shiga fiye da goma ban rubuta ba. Matar mai wankin mota sau uku na je. Maƙwabciyata kuwa kullum, in na dawo. Wa zai ɗauki biro don ya leƙa maƙwabciya?"

Shugaba ya miƙe zaune. Ya zaro biro daga aljihu, ya cire murfin, ya ɗora a kan littafin.

"To rubuta su, Inna. Ai kin je. Ba ƙirƙira za ki yi ba."

Ta buɗe shafin ƙarshe na watan. Akwai layi shida da ba a rubuta komai ba, a ƙasansu ta riga ta ja layi ta rubuta 45 da jan biro, ta zagaye shi. Ta ɗauki biron. Na sunkuyar da kai ina kallon silifas ɗinta. A raina ina so ta rubuta. Da ta rubuta, da na shigar ban tambaya ba, na san haka.

"Ran nawa ga wata na je wurin matar mai wankin mota?" ta tambaya.

"Sa kowace rana."

"Lambar katinta fa?"

"Inna, don Allah."

Ta riƙe biron a kan layin farko har tawada ta yi ɗigo. Daga waje wata mata ta ɗaga murya tana tambaya ko ungozoma na nan, tun ɗazu take jira. Inna ta mayar wa biron murfinsa.

"Bari in duba wannan," ta ce. "Ke ɗiyata, sa abin da ya fito miki."

Ƙarfe uku da rabi na cika fom ɗin a wayata. Na sa 243, 109, 77, 58. Na sa 154 na asibiti da 45 na gida. A akwatin bayani na rubuta cewa lambobin asibiti kiyasi ne daga hoton zane, kowace tana iya sauyawa da mutum uku, kuma ungozoma ta kai wasu ziyarce-ziyarcen da ba a rubuta ba. Fom ɗin ya haɗa, bai nuna ja ba. A gaban masu ciki da masu jego ya fitar da 29. Shugaba ya karanta sau biyu, ya danna turawa da babban yatsa, ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba.

Ina mayar da rula cikin akwatinta Inna ta fito daga ɗakinta, bayan matar ta tafi. Ta sa mayafi, jakarta a hammata, kofin shayinta da ya shekara tara a kan tagar ɗakin yana hannunta. Ta tsaya a teburina. Ta gyara mini ɗankwalina da ya zame, ta rataye makullin ɗakin a ƙusar da ke bayan ƙofa, ta fita tana ɗingisa diddigenta.