Sakatare Ya Nemi Ƙarin Albashi

Tun da matarsa ta sami ciki na uku Sakatare ya daina samun wurin miƙe ƙafa. Ɗaki ɗaya ne, a ciki akwai gado, da katifar yara biyu, da keken ɗinkin matar, da wani firji da ya mutu aka mayar da shi ma'ajiyar takalma. Can ƙarshen layinsu kuwa ga ciki da falo an sa haya. Suka yi lissafi, ƙarin kashi goma sha biyar cikin ɗari a kan albashinsa zai kai su can.

A kamfanin kujerun roba inda yake aiki, dokar Manaja ita ce duk mai buƙata ya turo ta imel. Don haka ranar hutu ya zauna a bakin gado ya rubuta, matar tana leƙe ta kafaɗarsa.

“Baban yara, goge wannan ‘na gaji’ ɗin. Goge ‘ko jaki ma ana ba shi dusa’. Roƙo kake ko dambe?”

Ya goge, ransa bai so ba, don wannan layin na jaki ya fi kowanne yi masa daɗi. Abin da ya rage ya fito tsaf. A sama take: Buƙatar duba albashi. Sai gaisuwa, da godiya kan shekarun da ya yi a wurin. Sai ayyukansa, kowanne a layinsa: ya tsara takardun abokan ciniki har aka daina ɓatar da oda, ya sauya mai kawo musu takarda da tawada kuɗin ya ragu da kashi ɗaya bisa huɗu, ya koya wa sababbin ma'aikata uku aiki, ga shi shi ke kula da duk saƙonnin Manaja. A ƙarshe ya faɗi adadin da yake nema, ya roƙi a ba shi lokaci su tattauna. Ba kuka, ba barazana, ba zancen ciki.

Ranar aiki da safe ya yi bismillah ya danna aikawa. Kafin ya ɗauke yatsa, kwamfutarsa ta yi ƙara. Saƙon ya iso ɗaya akwatin, na Manaja, wanda ba wanda ke buɗe shi sai Sakatare.

Shi Manaja, Allah ya yi shi ba ya karanta imel, wai hasken allon na sa masa ciwon kai. Kullum Sakatare ne ke tsayawa a gaban teburinsa yana karanto masa, shi kuma yana yanke farce. Aka karanta na mai mota, aka karanta na banki, aka zo kan wannan. Sakatare ya karanta shi da murya mai sanyi har ƙarshe.

Manaja ya ce, “Kai, wannan ya iya rubutu. Ba shi amsar da muka saba.”

“Ranka ya daɗe, ai ni ne.”

“Na ji sunan.”

“To ga ni a tsaye.”

“Abin da ya zo ta imel, ta imel yake komawa. Kada ka ɓata mini tsari.”

Amsar da aka saba kuwa Sakatare ne ya tsara ta da hannunsa tun shekarar farko, kuma yana alfahari da ita. Direba ya sha ta, mai kula da sito ya sha ta, Akanta ma ya sha ta har ya dawo yana godiya. Sakatare ya koma teburinsa ya cike sunansa a gurbin suna, ya aika. Kwamfuta ta sake ƙara. Ya buɗe ya karanta cewa kamfani na matuƙar yaba ƙwazonsa, amma halin kasuwa bai ba da dama ba a yanzu. Wallahi sai da abin ya sosa masa rai. Bai taɓa sanin haka take da zafi ba.

Da ya ba matar labari, ta tsayar da keke ta dube shi.

“Kai ke rubuta amsar? To rubuta ‘an amince’ mana!”

“Haba, amana ce fa.”

“Amana! Sai mu shimfiɗa ta mu kwantar da jariri a kai.”

Bayan mako guda ya tura tunatarwa cikin ladabi, ya maimaita ayyukansa a taƙaice, ya sake neman a zauna. Ya karanto wa Manaja. Manaja ya hura farcensa ya ce mutumin nan akwai naci, a sa masa lokaci.

“Amma ni ba ni da sukuni, kai za ka wakilce ni. Matso kusa.” Ya rage murya. “Ma'aikaci ne na kirki, ba na son mu rasa shi. Idan ya matsa, kana iya kaiwa kashi ashirin. Amma kada ka nuna masa.”

Sakatare ya fito ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ashirin! Ciki da falo, har da canjin labule.

Ranar zama ya shiga ɗakin taro da kofin shayi biyu, ya rufe ƙofa. Direba da mai shara da Akanta suka jeru a jikin gilashi suna kallon ikon Allah. Ya fara zama a kujerar roba ta baƙi, ya buɗe takardarsa, ya yi bayani a natse kamar yadda ya shirya. Sannan ya zagaya teburi ya zauna a kujerar Manaja, mai juyawa, mai laushi.

Nan fa aka sami matsala. Kujerar nan da ya zauna, sai ya ji bayansa ya miƙe, ya ga kuɗin kamfani sun zama abin tausayi. Ya dubi kujerar roba ya ga mutum mai haƙuri, wanda bai ɗaga murya ba, bai ce wani kamfani na zawarcinsa ba. Manaja dai cewa ya yi idan ya matsa. Wannan kuwa ina ya matsa?

Ya ce, “Mun ji bayaninka. Amma tsara takardu ai aikinka ne, don shi ake biyan ka. Za mu iya kashi uku.”

Ya koma kujerar roba. Ya so ya buga teburi, ya tuna ba dambe ya zo ba. “Ranka ya daɗe, ko goma ne a duba.”

Ya zagaya. “Ka san halin kasuwa.”

Ya dawo. Gaskiya ne, ya san halin kasuwa, shi ke karanta saƙon banki.

Haka ya yi ta kai da kawo har gumi ya jiƙa masa riga, shayi biyun duk ya shanye. Aka daidaita a kan kashi biyar. Ya miƙa hannun dama, ya karɓa da na hagu. A bayan gilashi Akanta ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin mugun wakili irin wannan ba.

Manaja da ya ji sakamako har miƙewa ya yi ya dafa kafaɗarsa. “Biyar? Kai, Allah ya yi maka albarka. Irinku kamfani ke nema. Tura masa a rubuce.”

Ya tura, ya karɓa, ya amsa da godiya.

Da yamma ya tarar da matar ta riga ta fara ɗaure kwanuka a cikin tsohon zani, yaran suna gardamar wanda zai kwana kusa da taga a sabon gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, kunya ta rufe shi.

“Nawa?” in ji ta.

“Biyar.”

“Wannan Manaja naku ba ya tsoron Allah.”

“Shi ashirin ya yarda.”

Ta saki bakin zanin a hankali. “To wa ya hana mu sauran?”

Sakatare ya dubi cikinta, ya dubi yaran. Ya durƙusa ya fara kwance ƙullin kwanukan.