Gayyar Sunan Jikan Hajiya Zulaiha

Hajiya Zulaiha mai atamfa ta unguwar Kalley ba ta yarda da gayyar jam'i ba. A wurinta, wanda ka jefa wa gayya cikin gurup na salula tare da mutum ɗari, zaginsa ka yi. Saboda haka da ɗiyarta ta haihu ranar Asabar, sai ta ɗauko littafin nimerorin waya na marigayi mijinta, mutum ɗari huɗu da ƴan kai, ta zauna ran Litinin tana tura wa kowa katin suna ɗaya bayan ɗaya, hoto guda, magana guda, ba ko shan ruwa.

Ta gama da dangin miji na Maradi kaf, ta fara taɓa nata na Damagaram ke nan, salula ta rubuto da Faransanci cewa kamfanin tura saƙo ya dakatar da kont ɗinta, wato asusun da take turawa da shi, ana zargin tana watsa saƙonnin damun jama'a.

Hankalinta ya tashi ƙwarai. Suna ran Asabar ne, kuma ta san halin mutanenta. Su ji ƴan Maradi sun samu kati mai hoto su ba su samu ba, to zumunta ta mutu har jikoki.

Ta ja mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarta Madam Rebeka, mutuniyar Dogonduci, wadda ta yi shekara talatin tana sakatariya a kotu. Madam ta sa tabarau ta duba, ta nuna mata wurin da ake neman a sake duba hukuncin.

"Faɗi abin da kike so a gaya masu, Hajiya."

Hajiya ta gyara zama. Ta gaida mai kamfanin da iyalinsa da gajiyar aiki. Ta faɗi ko ita ɗiyar wane ce, da hajjinta biyu. Daga nan zuciya ta ɗebe ta, ta ce maƙiya ne suka haɗa ta da su, kuma Allah ya isa, ba ta yafe ba.

Madam ba ta rubuta ko harafi ba.

"Mai karanta wannan takarda dubu ke gabansa, in ma mutum ne. Bai san babanki ba. Kin karanta dokarsu?"

"Doka? Gayyar suna ce fa."

Madam ta buɗe dokar a tata salula ta fassara mata: tura saƙo iri ɗaya ga mutane da yawa a ɗan lokaci, musamman waɗanda ba su ajiye nimeronka ba, abin hani ne. In wasunsu suka kai ƙara, sai a rufe ka.

"To ai na yi," in ji Hajiya, murya ta yi ƙasa.

"Shi za mu rubuta."

Layi biyar Madam ta yi. Ga nimerona, an dakatar da ni ran Litinin da hantsi. Na tura katin sunan jikana ga dangi kusan ɗari uku cikin awa biyu, da yawansu ba su da nimerona. Ba talla ba ce, amma na karanta dokarku na gane ya saɓa mata. Ba zan sake ba, zan riƙa turawa kaɗan kaɗan ga waɗanda suka san ni. Ina roƙon a sake dubawa, na gode.

Hajiya ta ce wannan ai ko gaisuwar makoki ta fi shi tsawo, ta so a tura sau goma don su ji. Madam ta ce sau ɗaya, maimaitawa ba ta sa a yi sauri. Ta hana ta buɗe sabon kont, kar a ce tana gudun hukunci. Ta kuma ja kunnenta, duk wanda ya ce zai buɗe mata in ta karanto masa lambobi shida da aka turo, ɓarawo ne.

Ran Talata Hajiya ta leƙa gidan Madam sau bakwai. Ran Laraba bayan azahar kont ya dawo.

Wannan karon ta bi a hankali, kira tukuna, sannan kati. Ta fara da babban wanta, Alhaji Yusuf na Damagaram, wanda ta tura wa kati dab da a rufe ta. Ta zayyana masa abin da maƙiya suka yi mata.

Da ta gama, sai ya ce:

"Katin nan mai furanni? Ashe ke ce. Ni ma na danna ƙara."

"Yaya, kai?"

"To ta ina zan sani, Zulai? Shekara huɗu da kika canja nimero, tun rasuwar maigidanki, ban ji muryarki ba."

Hajiya, mai bakin da ba a rufewa, kunya ta kama ta, idonta ya cika.

"Ka yafe mini, Yaya."

"Ba komai. Gobe zan shigo motar safe. Yanzu tsaya in ajiye nimeron, kar ki kashe."